Amfetamin: Ƙarfin Aro da Ake Biya da Zuciya da Barci

Amfetamin da 'yar'uwarta metamfetamin ƙwayoyi ne masu zaburar da ƙwaƙwalwa. Ba sa ƙara wa jiki ƙarfi. Suna tilasta wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su zubo da sinadaran dofamin da noradirenalin da suka tanada, kuma su hana a mayar da su ma'ajiyarsu. Nan take gajiya da yunwa su ɓuya.

A ce wani ɗalibi a Ƙofar Dundaye ta birnin Sakkwato ya haɗiyi ƙwayar da ƙarfe 4 na yamma don karatun jarrabawa. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 10 kafin ya fitar da rabinta. Ke nan da ƙarfe 2 na dare rabi na nan cikin jininsa, barci ya gagara.

Duk tsawon lokacin nan noradirenalin tana tsuke hanyoyin jini, hawan jini ya ƙaru, bugun zuciya ya iya zarce 100 a minti ɗaya ko da yana zaune. Jiki kuma ya yi zafi, abin da ke da haɗari a bazarar Sakkwato. Ciwon ƙirji, ko ruɗewa tare da zafin jiki, alama ce ta a garzaya asibiti.

Idan ƙwayar ta sake shi, tanadin dofamin ya riga ya ragu, ga kuma bashin barci. Sai kasala, baƙin ciki da matsananciyar yunwa su rufe shi na kwanaki. Wanda ya ƙara wata ƙwayar don ya farfaɗo, ramin yake ƙara zurfafawa, domin sai da barci da abinci da lokaci ƙwaƙwalwa ke mayar da abin da aka kwashe.