Tsohuwar Kwamfuta da Proxmox: Inda Masu Koyo Ke Yin Tuntuɓe

Proxmox VE manhaja ce ta kyauta da ke raba kwamfuta ɗaya ta ɗauki kwamfutocin gwaji da dama. Amma sanya ta yana shafe duk abin da ke faifan ajiya, don haka a fara kwashe muhimman bayanai.

Sannan a shiga BIOS a kunna VT-x, ko AMD-V. In ba a kunna ba, kwamfutar gwajin za ta ƙi tashi, ta kawo saƙon kuskure kan KVM.

Ƙarancin RAM ne ainihin cikas. Mai 8GB ya bar wa Proxmox 2GB, saura 6GB, wato kwamfutocin Debian uku masu 2GB kowace. Idan buƙata ta wuce haka, gara a koma kwantenar LXC, wadda ba ta cin RAM sosai, sai dai Linux kaɗai take ɗauka.