FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata mai bayar da tallafi ya gani a wasiƙar godiyar Islamiyya

Bayan an kammala taron saukar Alƙur'ani ko ƙaddamar da gidauniyar gini, makarantun Islamiyya da dama kan aika wa waɗanda suka taimaka takardar godiya. Yawancin irin waɗannan takardu addu'a ce ta cika su, sai jimla ɗaya da ke cewa an yi amfani da kuɗin yadda ya dace. Addu'ar tana da matsayinta, amma wanda ya bayar da dukiyarsa ba zai iya sanin inda ta tafi daga wannan jimla ba.

Wasiƙar da ta cika aikinta ita ce wadda mai karatu zai ɗauki alƙalami ya bi lissafinta da kansa: abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage.

Kowane kuɗi da hukuncinsa

Abu na farko da ake dubawa shi ne ko wasiƙar ta rarrabe kuɗin bisa niyyar masu bayarwa. Wanda ya bayar don rufin aji ya ɗaure kuɗinsa da wannan aiki, don haka shugabannin makaranta wakilansa ne a kai, ba su da ikon karkatar da shi zuwa alawus ɗin malamai sai da izininsa. Sadakar da ba a sa mata sharaɗi ba kuwa, kwamiti na iya sarrafa ta a duk inda buƙata ta fi tsanani.

Zakka ta fi su ƙa'ida. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta zuwa rukuni takwas, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Arewa ke bi, ba a gina masallaci ko makaranta da ita, ko da yake wasu malaman zamani sun faɗaɗa fahimtarsu a kan haka. Maraici shi kaɗai ma bai sa yaro cikin rukunan ba, sai in yana cikin talauci. Saboda haka wasiƙar da ta cuɗe zakka da kuɗin gini a jimla ɗaya ta bar mai zakkar cikin shakkar ko farillarsa ta sauka a inda shari'a ta ce.

Yadda lissafin yake a aikace

A ɗauka, a matsayin misali, wata Islamiyya ta tara naira miliyan 3 a shekara: N1,800,000 don rufin azuzuwa biyu, N700,000 zakka, da N500,000 sadaka marar sharaɗi.

A ɓangaren rufi, wasiƙar za ta ce an sayi kwano bandir 12 a kan N80,000 kowanne, wato N960,000, katako da ƙusa sun ci N540,000, kafinta ya karɓi N350,000. Jimla N1,850,000 ke nan, ta haura abin da aka tara da N50,000. A nan ake gane wasiƙar gaskiya: za ta faɗi cewa farashi ya tashi bayan an yi ƙiyasi, kuma an cike giɓin daga sadakar da ba ta da sharaɗi, ba a taɓa zakka ba.

A ɓangaren zakka, za ta ce an miƙa wa waliyyan ɗalibai 20 daga gidaje marasa ƙarfi N35,000 kowanne, kuma sun sa hannu a rajistar makaranta. Daga sadakar N500,000 kuwa, ban da N50,000 na rufi, malamai shida sun sami N50,000 kowanne, cajin banki da kuɗin mota sun ci N10,000. Abin da aka kashe gaba ɗaya ya kama N2,860,000, saura N140,000, kuma wajibi ne wasiƙar ta faɗi inda ragowar take da abin da aka yi niyyar yi da ita. Wannan adadi shi ne ya kamata wasiƙar baɗi ta buɗe da shi. Idan ta buɗe da wani daban, akwai tambaya.

Kayan da aka bayar, kamar buhunan siminti ko tabarmi, ana jera su daban da adadinsu. Haka ma alƙawari. A wajen ƙaddamarwa ɗan siyasa na iya shelanta miliyoyi a lasifika, daga baya kuɗin ya zo rabi ko ya ƙi zuwa. Idan wasiƙa ba ta bambanta abin da aka yi alƙawari da abin da ya shiga asusu ba, jama'a za su riƙa tuhumar malamai da kuɗin da ba su taɓa gani ba.

Alamomin da ke sa a tsaya

Akwai abubuwan da mai karatu zai lura da su ko bai san aikin akanta ba. Idan layin "sauran hidindimu" ya ɗauki kaso mai girma na kuɗin, an ɓoye bayani a cikinsa. Idan an ambaci kuɗin kwano ba tare da adadin bandir ba, babu yadda za a gwada shi da farashin kasuwa. Idan lambar asusun da ake tura kuɗi tana ɗauke da sunan mutum ɗaya maimakon na makaranta, kuɗin al'umma na iya cuɗewa da na gida, kuma ranar da mai asusun ya rasu za a sha wuya a raba su da gado. Sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji, da ranar da lissafin ya fara da ranar da ya ƙare, suna rage wannan haɗari.

Bayyana lissafi ba ya nufin fallasa mutane. Adadin yaran da suka amfana ya isa, ba sai an buga sunayensu ko hotunansu ba, kuma wanda ya nemi a ɓoye sadakarsa ana rubuta kuɗinsa a sakaya sunansa.

Abin da doka da addini suka tanada

Makarantar da ta yi rajistar amintattu da Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) tana ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agusta na shekarar. Dokar ta wajabta wa amintattu adana bayanan kuɗi da miƙa wa hukumar rahoton shekara. Sai dai wannan rahoto hukuma ake kai wa, kuma Islamiyyu da yawa na unguwa ba su da rajistar kwata-kwata. Ga mai bayarwa, wasiƙar ce sau da yawa takarda ɗaya tilo da za ta iso hannunsa.

Masu ganin tambayar lissafi rashin ladabi ne ga malami suna da amsa a Buhari da Muslim, inda aka ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi lissafi da Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka, ya kuma tsawatar a kan abin da ya keɓe wa kansa da sunan kyauta.

Wasiƙa dai bayanin makaranta ne a kan kanta, kuma lissafi na iya daidaita a takarda alhali an ƙara farashi a rasit. Shi ya sa wasiƙa mai kyau takan rufe da gayyata: ga ranar da za a buɗe rajista da rasitai, ga wanda za a nema, ga kuma azuzuwan ga duk mai son ya je ya ƙirga kwanon da idonsa.