Daren Laraba na Mai Raguna

Wani ɗan kasuwa ne a Kano mai sana'ar raguna da awaki. Duk ranar Alhamis yakan ci kasuwar Maigatari, can bakin iyakar Nijar a Jihar Jigawa, ya saro dabbobi ya kawo birni. Motar da yake bi tana tashi da ƙarfe huɗu na asuba, a hanya suke sallah, saboda mai son dabba ta ƙwarai sai ya riga mutane shiga kara. A sauran kwanakin mako ba ya da wata matsala da barci. Yakan kwanta wajen ƙarfe sha ɗaya, kiran sallar asuba ya tashe shi. Daren Laraba kaɗai ne ya gagare shi.

Dabarar da ya ɗauka ita ce wadda kusan kowa zai ɗauka. Tunda da uku da rabi zai tashi, sai ya ce bari ya kwanta da wuri. Da an idar da sallar isha'i sai ya shige ɗaki, takwas da rabi yana kan gado. Daga nan sai juyi. Ya lissafa kuɗin da ke aljihun babbar riga, ya tuna mahaucin da ya yi alkawarin turo masa cikon bashi bai turo ba, ya jawo waya ya duba ko alat ya shigo. Ya ga ƙarfe goma, ya ce saura awa biyar da rabi. Ya ga sha biyu, ya ce saura uku da rabi. Barcin ba ya ɗaukarsa sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, kuma bai jima ba ƙararrawar waya ta buga.

Ya daɗe yana haƙuri da abin, har ranar da ya yi masa ɓarna. An yi ciniki na raguna shida, dillali ya sa baki, mai kaya ya sallama. Wajen biya ya haɗa lissafi da ka kamar yadda ya saba, ya biya kuɗin bakwai. Allah ya sa mai kayan mutum ne mai tsoron Allah, ya biyo shi har bakin mota ya mayar masa. Mutumin da ya shekara ashirin yana lissafi ba takarda, ranar jikinsa ya yi sanyi.

Ɗan ƙanwarsa ma'aikacin jinya ne. Ya zo gaishe shi ranar Juma'a, sai ya ba shi labari, ya ƙare da cewa, "Ka samo mini ƙwayar barci, ɗaya tak duk daren Laraba."

Yaron ya ce, "Kawu, ƙwayar da za ka sha da tara, ka tashi da uku da rabi, tana nan a jikinka lokacin da kake ƙirga kuɗi. Kafin mu kai ga magani, faɗa mini yadda kake wuni ranar Laraba, tun daga azahar."

A nan zancen ya fito. Ranar Laraba, saboda ya san daren zai yi wuya, yakan kishingiɗa bayan la'asar ya yi barcin awa ɗaya da rabi, wai ajiya yake yi. Ya tashi jiki a mace, sai ya fasa goro babba wajen ƙarfe biyar don ya wartsake ya zaga karɓar bashi. Tsakanin magariba da isha'i ya zauna teburin mai shayi, a haɗa masa mai kauri, a yi hirar farashin kasuwar da ta wuce. Duk abin da yake yi don taimakon kansa, shi ne yake korar barcin.

Abu biyu ne ke kawo barci. Na farko bashin gajiya ne da ke taruwa. Tun daga farkawa, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi da dare. Idan mutum ya yi barci, sai ya ragu. Dogon barcin la'asar yana cinye wani kaso na abin da aka tara tun safe, kamar mai taɓa uwar kuɗi kafin ranar sari. Dare ya yi, abin da ya rage bai isa ya kwantar da mutum ba.

Goro kuwa, da shayi da kofi da lemun ƙara kuzari na gwangwani, duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin. Kafeyin ba ya kawar da gajiya. Toshe wuraren da adenosin ke kamawa yake yi, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiyar alhali tana nan. Kuma ba ya fita da sauri. Ga yawancin manya, sai bayan kamar awa biyar rabinsa ke barin jini, wasu ma ya fi haka daɗewa, musamman mata masu ciki. A ɗauka goron ƙarfe biyar ya ba shi miligiram 100. Da ƙarfe goma na dare 50 na nan. Shayin bakwai da rabi ya ƙara masa 50, wanda da ƙarfe goma bai ragu ƙasa da 35 ba. Ke nan a daidai lokacin da yake roƙon barci, abin da ke yawo a jininsa ya kusa goro guda cur. Mutane da yawa sukan ce su goro ba ya hana su barci. Wasu gaskiyarsu ne ta fuskar saurin kamawa, amma ko ya kama, zurfinsa yakan ragu.

Abu na biyu agogon jiki ne, kuma shi ne Kawu ya fi jin mamakinsa. Jiki yana da lokacin da ya saba sakin sinadarin melatonin, mai sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. Masu binciken barci sun gano cewa awa biyu zuwa uku kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, a nan ne jiki ya fi ƙin barci a duk yinin. Mai kwanciya sha ɗaya idan ya hau gado takwas da rabi, ya faɗa tsakiyar wannan lokaci ke nan. Idonsa biyu, ɗaki shiru, ba abin yi, sai tunani ya samu fili. Tunanin kuɗi ya tayar da bugun zuciya, duba agogo ya ƙara tsoro, tsoron rashin barci ya zama sabon dalilin rashin barci. Mako ya bi mako, har ƙwaƙwalwa ta haddace cewa gadon daren Laraba wurin lissafi ne.

Ɗan ƙanwar nasa bai ce masa ya bar goro ba, don ya san ba zai bari ba. Cewa ya yi ranar Laraba goron ƙarshe ya zama na azahar, shayin dare kuma a musanya shi da kunu ko madara mai ɗumi. Ƙailula ta koma tsakanin azahar da la'asar, kada ta wuce minti ashirin zuwa talatin. Tuwon dare a ci shi da an yi magariba, kada a cika ciki, domin kwanciya da ciki fal yana taso da ƙwannafi.

Sai batun lokacin kwanciya. Agogon jiki ba ya matsawa da awa biyu da rabi a dare ɗaya, amma yana jure rabin awa zuwa awa ɗaya. Saboda haka daren Laraba ya kwanta da goma, kuma sauran kwanakin ma ya riƙa kwanciya wajen goma da rabi, don tazarar ta ragu. Kawu ya yi gardama, ya ce daga goma zuwa uku da rabi ai awa biyar da rabi ne kacal, alhali ana cewa babba na bukatar bakwai.

"Haka ne, Kawu. Amma yanzu awa nawa kake samu?"

Ya yi shiru, don amsar biyu ce, wani lokaci ma ba ta kai ba. Dare ɗaya gajere a mako jiki yana ɗauka, muddin sauran dararen sun cika.

Abin da ya fi yi masa aiki, a ganina, shi ne mafi sauƙi. Bayan sallar magariba yakan zauna da ɗan littafi na minti goma sha biyar. Ya ƙirga kuɗin sari sau ɗaya, ya ɗaure, ya rubuta adadin. Ya ware kuɗin mota da la'adar dillali da kuɗin lodi daban. Ya rubuta dabba nawa yake nema da farashin da ba zai haura ba. Wanda bai biya bashi ba, ya rubuta sunansa, a gabansa ya sa ranar da zai neme shi, Asabar. Ƙwaƙwalwa tana maimaita abin da take tsoron mantawa ne, idan ta ga an ajiye shi a takarda sai ta sassauta. Da tunanin mahauci ya taso cikin dare, amsarsa a shirye take: an rubuta, sai Asabar. Igiyoyi da tocila da rigar tafiya duk a bakin ƙofa suke kwana.

Wayar ma uwargida ce ta karɓe ta. Ta ce, "Alhaji, ni ke tashi ɗora ruwa, ni zan tashe ka." Aka sa ƙararrawa a wayarta da kuma wani tsohon agogo da aka juya fuskarsa bango. Masu tsoron makara sukan yi ta farkawa suna duba lokaci, to samun mai tashinsa har biyu ya cire masa wannan.

Larabar farko ba ta yi daɗi ba. Ya kwanta goma, barci ya ƙi. Sai ya bi abin da aka gaya masa: idan ya ji kamar ya yi minti ashirin ido biyu, kada ya zauna kokawa da gado. Ya fito tsakar gida ya zauna kan tabarma cikin duhu-duhu yana jan carbi, ba waya ba fitila mai haske, sai da ya ji hamma ta zo sannan ya koma. Sau biyu ya yi haka a daren. Zuwa mako na huɗu yana kwanciya ba ya daɗewa. Ba kullum ba: gab da Babbar Sallah, lokacin da ya zuba duk jarinsa a raguna, daren ya sake yi masa tsawo. Sai dai yanzu ba ya firgita, ya san zai ƙarasa a mota, ya kuma koyi rubuta ciniki a littafi kafin ya zaro kuɗi.

Nasa rashin barcin na dare ɗaya ne mai sanannen dalili, shi ya sa gyaran yamma ya ishe shi. Wanda barci ke gagara dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin ciwo mai bukatar kulawa. Haka mai minshari mai ƙarfi da iyalinsa ke jin numfashinsa na yankewa, ya wuni yana gyangyaɗi ko da ya kwana kwance, musamman in yana da ƙiba ko hawan jini. Haka wanda ke farkawa tsakar dare kullum da baƙin ciki, ko yawan fitsari ke tashinsa. Waɗannan asibiti za su je, kuma kada su sayi diyazefam a kemis ba da takardar likita ba, domin jiki yana saba masa cikin 'yan makonni, barinsa kuma yakan dawo da rashin barcin fiye da yadda yake a da.