Inda Aka Danna Murya, Nan Tambaya Take

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar WAEC a Nijeriya ya san takarda ta uku ta Turanci, wadda ake gwada furuci a cikinta: tambayoyi 60 a cikin minti 45. A wannan takarda akwai wani sashe da ke ba mutane mamaki a karon farko. Za a rubuta jimla ɗaya, a sa kalma guda daga cikinta da manyan baƙaƙe, sannan a jero tambayoyi huɗu a ce ɗalibi ya zaɓi wadda jimlar ke amsawa. Tambayoyin huɗu kusan iri ɗaya ne, bambancinsu kalma ɗaya-ɗaya kawai. Manyan baƙaƙen nan suna tsaye ne a madadin murya, domin suna nuna kalmar da mai magana ya danna. A Turanci kuwa, inda aka danna murya shi ke nuna ainihin abin da ake tambaya.

Dannawar iri biyu ce. Ta farko tana cikin kalma. Kowace kalmar Turanci mai gaɓa biyu ko fiye tana da gaɓa ɗaya da ta fi sauran fitowa: ana ɗan jan ta, murya tana motsawa a kanta, wasalinta yana fita cikakke. Sauran gaɓoɓin kuwa sau da yawa a raunane suke, wasalinsu ya koma wani ɗan gajeren sauti da ba a cika jin sa ba. Wurin dannawar ba zaɓin mai magana ba ne, tare da kalmar yake zuwa, kuma ƙamus yana nuna shi da ɗan ƙaramin layi a saman farkon gaɓar. Kalmar “record” idan aka danna gaɓarta ta farko suna ce, wato abin da aka adana a rubuce ko aka naɗa. Idan aka danna ta biyu ta koma aiki, wato a naɗa ko a rubuta. Haka “present” take: dannawa a farko kyauta ce, a ƙarshe kuwa gabatarwa ce. Akwai kuma tagwayen da ke jawo rigimar kuɗi, “thirteen” da “thirty”. Talatin kullum a farko ake danna ta, sha uku kuwa idan ta zo ita kaɗai a ƙarshe ake danna ta, a ja wasalin. Wanda ya furta su da nauyi ɗaya ya bar mai sauraro yana laluben ko sha uku aka ce ko talatin.

Hausa ba ta aiki da irin wannan dannawa. Abin da take da shi shi ne karin sauti da tsawon wasali, kuma kowace gaɓa tana riƙe da nata. Kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya, “kuka”, amma a na farko gaɓoɓin biyu duk a sama suke, a na biyu kuwa murya tana sauka a gaɓar ƙarshe. Kunnen Bahaushe ya goge wajen jin hawa da saukar murya, shi ya sa da Hausa ta ari kalmomi daga Turanci, gaɓar da Bature ke dannawa ita ce yawanci ta samu karin sama. A saurari “mota”, “soja” da “tebur”: gaɓar farko sama, ta biyu ƙasa, daidai da wurin dannawar asali. Kunne dai yana ji. Inda wahalar take shi ne raunana sauran gaɓoɓin, domin bakin da ya saba ba wa kowace gaɓa haƙƙinta ba ya son ya haɗiye ko ɗaya.

Dannawa ta biyu, wadda ke cikin jimla, ita ce mai sauya ma'anar tambaya, kuma ita tana hannun mai magana. Idan ba wani abu na musamman ake nufi ba, Turanci yana ɗora babbar dannawa a kan kalma mai ma'ana ta ƙarshe a jimlar, ƙananan kalmomi irin su wakilin suna da mahaɗi kuma su wuce a raunane. Da zarar an ɗauke dannawar daga wannan wuri an kai ta wani, mai sauraro ya san cewa akwai abin da ake ware wa.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da yake tambayar akawunsa: “Did Binta send the money on Friday?” Fassararta a sauƙaƙe ita ce, shin Binta ta aika kuɗin ranar Juma'a? Kalmomi bakwai ne, kuma ba tare da an taɓa ko ɗaya ba za a iya fitar da tambayoyi huɗu daga cikinsu. Idan ya danna sunan Binta, ya riga ya san an aika kuɗin ranar Juma'a, abin da ya shige masa duhu shi ne wanda ya aika. Amsar da ta dace ita ce a ce a'a, Amina ce. Idan ya danna “send”, ba ya shakkar mutum ko rana, yana shakkar aikin ne: aikawa ta yi, ko da kanta ta kai? Idan ya danna “money”, ya san ta aika wani abu, yana son ya ji ko kuɗin ne ko takardu kawai. Idan kuwa ya danna “Friday” da ƙarfi fiye da yadda aka saba, rana ce matsalar, wataƙila saboda wanda aka aika wa ya ce sai Litinin ya gani.

Akawun da bai ji dannawar ba zai iya faɗin gaskiya tsantsa amma ya kauce wa tambayar. Maigida ya danna sunan Binta, shi kuwa ya amsa da cewa ai ranar Juma'a aka aika. Bai yi ƙarya ba, sai dai maigidan zai ga kamar ana ɓoye masa wani abu. Wannan ce alamar da ake gane kuskuren da ita: amsa ta zo daidai a nahawu, amma mai tambaya ya maimaita tambayarsa, wannan karon da ƙarin ƙarfi a kan kalma ɗaya.

Hausa tana yin duk waɗannan tambayoyi huɗu, sai dai da ginin jimla take yin su. Tana ɗauko abin da ake tambaya a kai ta kawo shi gaba, ta bi shi da “ne” ko “ce”. Binta ce ta aika kuɗin? Kuɗin ne Binta ta aika? Ranar Juma'a ce ta aika? Idan aikin ne ake tambaya sai a ce, aikawa ta yi? Har lamirin suna yakan sauya kama. Ana cewa “yara sun tafi”, amma “yara ne suka tafi”. Ana cewa “Audu yana zuwa”, amma “Audu ne yake zuwa”. Manyan littattafan nahawun Hausa na Paul Newman, wanda ya fito a 2000, da na Philip Jaggar, na 2001, duk sun yi dogon bayani kan wannan tsari. Saboda haka mai koyon Turanci da ya tashi da Hausa ba sabon tunani yake koya ba. Kalmar da zai sa wa “ne” ko “ce” a Hausa, ita ce zai danna a Turanci, ya bar ta a inda take.

Da wannan ma'auni tambayar WAEC takan warware da kanta. A ce jimlar ita ce “Binta sent the MONEY on Friday.” A Hausa wannan na nufin kuɗin ne Binta ta aika, wato ana gyara wa wani kuskurensa game da abin da aka aika. Zaɓi na farko yana tambaya ko Amina ce ta aika, na biyu ko karɓa Binta ta yi, na uku ko wasiƙa ta aika, na huɗu ko ranar Litinin ce. Na uku ne daidai, domin shi kaɗai ya kawo wani abu a gurbin kuɗin, wanda zai sa mai amsa ya danna kalmar. Malamai da yawa sukan taƙaita wa ɗalibai cewa su nemi zaɓin da babu kalmar mai manyan baƙaƙe a cikinsa. Dabarar tana ci a jarrabawa, amma tana da illa, domin yaro zai iya cinye sashen gaba ɗaya bai taɓa furta jimlar ko sau ɗaya ba. Ya kamata a ce kowace irin wannan tambaya sai an karanta ta da baki a aji, ɗalibi ɗaya ya tambaya, wani ya amsa, kafin a taɓa biro.

Akwai kuskure biyu da masu koyo ke yawan faɗawa idan sun fara gwadawa. Na farko shi ne ɗaukar dannawa a matsayin ɗaga murya. Ihu ba ya cikin lamarin. Abin da ke fitar da kalma shi ne a ja gaɓarta mai dannawa, murya ta yi motsi a kanta, sannan abin da ya biyo baya ya lafa. A tambayar da ake amsawa da i ko a'a, sau da yawa muryar ma daga ƙasa take farawa a kan kalmar da aka danna, sannan ta hau har ƙarshen jimla. A nan ne dannawar kalma da ta jimla suke haɗuwa: wanda zai danna “Friday” gaɓar farko zai danna, domin nan ne mazaunin dannawarta, ba kalmar gaba ɗaya ba.

Na biyu ya fi haɗari ga zumunci, wato danna ƙananan kalmomi ba da niyya ba. “Where are you going?” idan aka danna kalmar ƙarshe tambaya ce ta yau da kullum, ina za ka? Idan aka danna “you” ta koma, kai kuma ina za ka? A tsakanin abokai da kowa ke faɗin inda ya nufa, wannan ba laifi ba ne. Amma idan ma'aikaci ya faɗa wa baƙon da ya shigo ofis haka, baƙon zai ji kamar ana ce masa bai isa ya shiga ba. Idan kuma aka danna “where” murya ta hau, ma'anar ita ce, ina ka ce za ka? Ko dai ba a ji ba, ko an ji amma an yi mamaki. Mai magana da ya ba wa kowace kalma nauyi ɗaya yakan sa baƙon kunne ya ji dannawa a inda ba a yi nufinta ba, har a ɗauke shi mai tsiwa alhali tambaya kawai ya yi.

Gyaran yana farawa da jimla ɗaya gajera. Mai koyo ya fara faɗin abin da yake nufi da Hausa, ya lura da kalmar da ta ja “ne” ko “ce”, ya ja layi a ƙarƙashin takwararta ta Turanci. Sai ya naɗi muryarsa a waya yana furta tambayar, ya ba wani ya saurara ba tare da ya ga takardar ba, ya ce masa ya amsa da “a'a” tare da gyara. Idan an yi nufin Binta amma mai sauraron ya gyara rana, dannawar ta zame ta koma ƙarshen jimla, sai a sake naɗa, a ƙara jan gaɓar farko ta sunan, a sassauta duk abin da ya biyo bayansa.