Mai Kallo Ya Faɗi Ciwo, Edita Ya Nemo Tushensa

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a ɗakin tace fim maganar ba ta cika zama haka ba. Editan da ya yi wata biyu yana juya fim ɗaya ya haddace labarin, har ba ya ganin giɓin da ke ciki. Shi ya sa idan an gama haɗin farko, tun kafin a gyara sauti da launi, ake kiran mutum biyar ko shida waɗanda ba su san labarin ba, su zo su kalla.

Darakta ba ya yin bayani kafin a kunna. Edita kuwa yakan zauna a gefe da biro da takarda, yana rubuta mintin da wani ya ɗauki waya ko ya yi wa na kusa da shi raɗa. Da an gama, kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai kafin a buɗe hira, don kada mai baki ya ja saura. Tambayar "ya yi kyau?" ba ta kawo komai sai "ma sha Allah". Gara a ce su ba da labarin da bakinsu, su kuma faɗi inda suka ɓace.

Walter Murch, wanda ya tace fim ɗin The English Patient, ya kwatanta ƙorafin masu kallo da majinyacin da ke kukan ciwon gwiwar hannu, alhali jijiya ce ta danne a kafaɗa. Inda suka nuna ba lallai nan ne cutar take ba.

A ce a minti na 52 amarya ta tattara kayanta ta yi yaji, mutum huɗu cikin shida suka ce ba su ga dalili ba. Gaggawa za ta ce a yanke fitowar, ko a sa ta yi dogon bayani. Sai edita ya koma baya. A minti na 18 ne ta ga wani saƙo a wayar mijinta, amma hoton bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, ba wanda ya iya karantawa. Gyaran da zai rubuta ke nan: a tsawaita hoton zuwa daƙiƙa huɗu, a biyo shi da fuskarta daga kusa. Minti na 52 ba a taɓa shi ba.

Ƙorafin mutum ɗaya ra'ayi ne, ana iya ajiye shi. Wanda uku suka haɗu a kai, aiki ne. Bayan gyara kuma sai a nemo sababbin idanu, domin na farko sun riga sun san dalilin yajin amarya.