Kafin a Ba Ka Kwangila: Wane ne Mai Kamfanin Nan?

Ɗan kasuwar da ya kai takardar neman kwangila wata ma'aikata ko wata ƙungiyar agaji, abin da yake jira shi ne a kira shi a yi maganar farashi. Sau da yawa kuwa abin da ke fara zuwa imel ne daga jami'in sayen kaya, gajere, ba yabo ba fallasa. Bayan gaisuwa sai buƙatu su biyo: a aiko da cikakken sunan kamfani kamar yadda yake a rajista, da lambar rajistar, da adireshin ofis, da sunayen daraktoci, da sunayen masu hannun jari da kason kowa, da lambar haraji, da sunan da ke kan asusun banki. A ƙarshe a sa ranar da ake son amsa.

Wasu 'yan kasuwa kan ji haushi. Mutum ya shekara ashirin yana kawo kaya, kowa a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san shi, ya san mahaifinsa, sai ga wani yaro a ofis yana tambayarsa ko shi ne mai kamfaninsa. Amma jami'in nan ba da Alhaji zai ƙulla yarjejeniya ba, da kamfani zai ƙulla, kuma a idon doka kamfani daban, mai shi daban. Idan kaya suka zo a lalace, kamfanin za a kai kotu. Idan aka zo biyan kuɗi, asusun kamfanin za a tura wa. Saboda haka dole ya tabbatar cewa kamfanin yana nan da rai, kuma ya san mutanen da kuɗin zai ƙare a aljihunsu.

Tambayar farko, wato ta rajista, ita ce mai sauƙi. A Najeriya Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ce ke ba da lamba. Cikakken kamfani lambarsa na farawa da RC, wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai kuma tasa na farawa da BN. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin mai BN shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne, bashin shago bashinsa ne, kuma akwai tallace-tallacen kwangila da ke cewa cikakken kamfani kaɗai ake so. Jami'in yakan ɗauki lambar ya zuba a shafin bincike na hukumar, wanda kowa ke iya shiga. Nan take zai ga suna, da ranar rajista, da kuma ko an rubuta ACTIVE ko INACTIVE. Kalma ta biyun galibi tana nufin kamfanin ya daina kai rahoton shekara-shekara da doka ta wajabta, kuma kamfanoni masu yawa da ke kasuwanci ka'in-da-na'in suna cikin wannan hali ba tare da masu su sun sani ba.

Dalilin da ya sa ba a yarda da suna shi kaɗai, sai da lamba da ƙasar rajista, ya fito fili a shari'ar wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas. Ya yi rajistar kamfani a Latbiya da suna iri ɗaya da na Quanta Computer, babban kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan na'ura. Daga 2013 zuwa 2015 ya riƙa aika musu da takardun neman biya ta imel, su kuma suna biya, har kuɗin ya haura dala miliyan 100. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara biyar. Sunan da ke kan takardun daidai yake, amma ƙasar rajista da asusun banki ba na Quanta na gaskiya ba ne.

Tambaya ta biyu ce mai nauyi, ta mallaka. A nan jami'in ba sunayen da ke saman takarda kawai yake nema ba, yana neman mutum mai jini a jika wanda ke cin ribar ko yake juya akalar kamfanin daga bayan fage.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta a wannan fanni. A watan Afrilun 1998, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, aka ba wani kamfani mai suna Malabu Oil and Gas rijiyar mai ta OPL 245, kwanaki kaɗan bayan an yi masa rajista. Ministan man fetur na lokacin, Dan Etete, shi ya ba da rijiyar. Sunansa bai fito a jerin masu hannun jari ba, amma a 2013 wata babbar kotu a Landan ta bayyana cewa yana cikin masu kamfanin na haƙiƙa. Kafin nan, a 2011, kamfanonin Shell da Eni sun biya kimanin dala biliyan 1.3 a cinikin rijiyar, aka yi ta shari'a a ƙasashe daban-daban, har kotun Milan ta wanke kamfanonin biyu a 2021. Duk wannan dambarwa ta samo asali ne daga rashin bayyana mai kamfani tun ranar farko.

Bayan alkawarin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a taron yaƙi da rashawa na Landan a 2016, sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke da iko mai ƙarfi a kamfani. Ma'aunin shi ne kashi 5 cikin ɗari na hannun jari ko na ƙuri'a, ko kai tsaye ko ta hannun wani, ko kuma ikon naɗa mafi yawan daraktoci da sauke su. Birtaniya kashi 25 take amfani da shi, ke nan ragar Najeriya ta fi ƙananan idanu. Wanda ya kai wannan matsayi yana da kwana bakwai ya sanar da kamfanin, kamfanin kuma yana da wata ɗaya ya sanar da CAC. A watan Mayun 2023 aka buɗe rajistar ga jama'a. Ita ma dokar bayar da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce mai neman aiki ya haɗa da takardar rantsuwa da ke bayyana ko akwai wani jami'in ma'aikatar da yake darakta a kamfanin, ko ya taɓa zama, ko yake da hannun jari ko wani amfani na kuɗi a ciki.

Ga yadda lissafin yake tafiya a aikace. A ɗauka wani kamfani ne a Kano da ke neman kawo wa wata ƙungiya tebura da kujerun ofis. Yana da hannun jari miliyan ɗaya. Alhaji na da dubu 600, uwargidansa na da dubu 100, sauran dubu 300 kuma na wani kamfani ne na daban. Da imel ɗin ya zo, akawunsa ya rubuta sunaye uku: Alhaji kashi 60, Hajiya kashi 10, kamfani kaza kashi 30. A ganinsa ya gama.

Jami'in zai dawo masa da tambaya, domin kamfani ba ya cin tuwo, akwai masu shi. Da aka duba, sai aka ga mutum biyu ne suka raba kamfanin na biyu rabi da rabi. Rabin kashi 30 kashi 15 ne, ke nan kowannensu ya ninka ma'aunin kashi 5 har sau uku, kuma dole sunansa ya fito. Amsar da ta cika ita ce mutum huɗu: 60, 10, 15 da 15, jimla ɗari cif. Idan jimlar ba ta kai ɗari ba, jami'in ya san akwai wanda aka bari a baya.

To a ce ɗaya daga cikin biyun nan ƙanin wani ma'aikaci ne a sashen kuɗi na ƙungiyar. Wannan shi kaɗai ba lallai ne ya kashe cinikin ba. Abin da ƙungiyoyi da yawa ke yi shi ne a rubuta dangantakar, a janye ma'aikacin daga duk wani zama da ya shafi kwangilar, a ci gaba. Ɓoyewar ce ke jawo matsala. Idan masu binciken kuɗi suka tono ta bayan an biya, ana iya soke yarjejeniyar, a sa kamfanin cikin jerin waɗanda ba za a ƙara hulɗa da su ba. Bankin Duniya, alal misali, yana wallafa irin wannan jeri a fili, kuma jami'ai na duba sunayen masu kamfani a ciki, saboda wanda aka kora yakan buɗe sabon kamfani da sabon suna ya dawo.

A wannan misali akwai sauran ƙananan tuntuɓe da aka saba gani. Ofis ya tashi daga Fagge ya koma Zoo Road, amma a CAC tsohon adireshin ne. Wani darakta ya rasu shekaru da suka wuce, sunansa na nan daram. Takardar da ake kira Status Report, wadda hukumar ke fitarwa da jerin daraktoci da masu hannun jari na yanzu, ita ce ke tona waɗannan. Mafi muni kuma shi ne Alhaji ya ba da lambar asusunsa na ƙashin kansa, wai ya fi saurin ganin alat. Ƙwararren jami'i ba zai tura kuɗin ƙungiya can ba. Yana son sunan da ke kan takardar rajista, da na takardar shaidar biyan haraji, da na asusun banki su zama ɗaya, harafi da harafi.

Wannan bincike yana da iyakarsa, kuma gara a faɗa. Abin da ke cikin rajistar CAC abin da kamfanoni suka kai da kansu ne. Babban mutum na iya sa sunan direbansa ko ɗan ƙanwarsa, takardu su fito tsaf. Shi ya sa jami'in da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan imel. Yakan lura idan kamfani ɗan wata uku ya zo neman aikin miliyoyi ɗari, ko kamfanoni uku da ke takara da juna sun ba da adireshi ɗaya ko lambar waya ɗaya, ko darakta ɗaya ya bayyana a biyu daga cikinsu. Wani lokaci sai ya taka da ƙafarsa ya ga ko akwai ofis a wurin.

Shi ma ɗan kasuwa yana da nasa binciken, domin 'yan damfara sun iya kwaikwayon wannan wasiƙa sarai, har da tambarin ma'aikata. Ya dubi adireshin da imel ɗin ya fito: na ma'aikatun gwamnatin Najeriya kan ƙare da .gov.ng, kuma harafi ɗaya da aka sauya a sunan ƙungiya ya isa ya nuna ƙarya. Ya tuna ko ya taɓa neman aiki a wurin. Jami'in gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ta kati, ko lambar OTP da banki ke turowa, ko kalmar shiga shafin CAC, kuma ba ya cewa a tura kuɗin tantancewa zuwa asusun wani mutum.

Duk wanda irin wannan imel ya zo masa, ya fara buga waya ofishin ta lambar da ya samo da kansa, ba wadda ke ƙasan wasiƙar ba. Idan ya tabbatar daga gare su ne, ya shiga shafin CAC ya duba kamfaninsa kafin jami'in ya duba, ya biya bashin rahoton shekara idan akwai, sannan ya amsa kowace tambaya cikin wa'adin da aka ba shi.