Daga Wane Gefe Ake Fara Ƙirga? Yadda Ake Raɗa wa Sinadarai Suna

A cikin man fetur akwai wani sinadari da ake auna ingancin mai da shi. Masana sun ba shi maki 100 a ma'aunin oktan, saboda yana ƙonewa a inji lami lafiya, ba tare da injin ya riƙa ƙwanƙwasa ba. Cikakken sunansa 2,2,4-trimethylpentane. Wanda bai saba ba zai ga kamar an jera haruffa ne don a wahalar da ɗalibai, alhali sunan taswira ce: mai ilimin abin zai zana sinadarin daga jin sunan kawai.

Dole ce ta kawo wannan tsari. Sinadarai 18 ne ke da ƙwayar kabon 8 da haidirojin 18, wato C8H18, kowanne da irin ƙirarsa da halinsa. Tun a 1892 masana suka zauna a Janeba don fitar da ƙa'ida ɗaya, daga baya ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ta karɓi aikin. Ƙa'idarta ce ɗaliban sakandare ke haɗuwa da ita a jarrabawar WAEC da NECO.

Matakin farko shi ne a nemo sarƙar kabon mafi tsawo. A sinadarin fetur ɗin nan kabon biyar ne a jere, shi ya sa aka ce pentane. Sauran ukun rassa ne masu kabon ɗaya-ɗaya, su ne trimethyl. Amma sarƙa ba lallai ta miƙe a kan takarda ba, kuma a nan ɗalibai da dama suke tuntuɓe. Sai ka ga an rubuta 2-ethylbutane, don ido ya tsaya kan kabon huɗun da ke kwance. Da an bi ta cikin abin da aka ɗauka reshe, da an sami biyar, sunan kuma ya zama 3-methylpentane. Duk inda aka ga ethyl a lamba 2 cikin sinadarin da sunansa ya ƙare da -ane, to an yi kuskuren zaɓen sarƙa.

Sai batun ƙirga, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Sarƙa tana da gefe biyu. Daga ɗaya rassan suna faɗawa 2,2,4, daga ɗayan kuma 2,4,4. Ana gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, inda suka fara bambanta a ɗauki ƙarama: lambobin farko sun yi daidai, a na biyu 2 ta gaza 4, don haka 2,2,4 ta yi nasara. Wasu suna koyar da cewa a tara lambobin a ɗauki jimla mafi ƙanƙanta. Wannan gajeriyar hanya ce mai yaudara, kuma bai kamata a ɗora yara a kanta ba. A sarƙa mai kabon goma, 3,4,9 tana ba da 16, 2,7,8 tana ba da 17, amma sahihin suna 2,7,8-trimethyldecane ne.

Da zarar ɗauri mai ninki biyu ya shiga tsakanin kabon biyu, suna ya koma ƙarewa da -ene, rassa kuma sun rasa fifikonsu. A duba wannan:

```
CH3-CH=CH-CH(CH3)-CH3
```

In an fara daga dama reshen zai sami 2, ɗaurin ya sami 3. Ba a yarda da haka ba. Ɗaurin ne ke da hakkin ƙaramar lamba, sai a fara daga hagu a sami 4-methylpent-2-ene, ko da reshen ya tafi can lamba 4.

Shi ma ɗaurin yana da na gaba da shi. In akwai rukunin OH, wanda ke sa suna ya ƙare da -ol, shi ake fara dubawa. Shi ya sa CH2=CH-CH2-CH2-OH ya zama but-3-en-1-ol: an fara ƙirga daga kabon da ke riƙe da OH, ɗaurin ya haƙura da lamba 3.

OH ɗin ma yakan sauka idan ya haɗu da COOH. Misalin yana cikin ƙwaryar nono. Abin da ke sa kindirmo tsami sinadari ne mai kabon uku, CH3-CH(OH)-COOH, kuma yana ɗauke da rukunan biyu. COOH ne babba, don haka kabon ɗinsa ya zama na ɗaya, shi ya ba da ƙarshen suna. OH da ke kan kabon na biyu ya rasa -ol ɗinsa, ya dawo gaba a matsayin hydroxy, aka rubuta 2-hydroxypropanoic acid.